Ɗantala, Yatsan Alhaji

A shekarun da arzikin man fetur ya fashe a ƙasar nan, kowa a Jibiya ya samu abin yi, amma babu wanda ya samu irin na Ɗantala. Shi yatsansa aka ɗauka aiki.

Da can ɗan dako ne a Magama, nan bakin iyaka, yana sauke wa motocin Maraɗi buhuna. Siriri ne kamar kara, yatsunsa ma haka, sai dai kowace gaɓa ta yi kumburi irin na wanda ya sha wahala. A cikin masu kayan akwai Alhaji Lawwali, wani ɗan kasuwar Maraɗi da arziki ya faɗo wa bagatatan, ya kamu da son zoben azurfa, kuma ba ya yarda da aikin kowa sai na Kalilu maƙeri a Jibiya.

Alhaji ba shi da lokacin zama a maƙera, sai ya zagaya zare a gindin yatsansa, ya ƙulle inda bakin ya haɗu, ya ba direba. Kalilu ya yanka azurfa tsawon zaren, ya ɗan ƙara saboda kaurinta. Zobe ya je Maraɗi ya tsaya cak a gaɓa. Alhaji ya fusata ya auno gaɓar. Wannan karon zoben ya wuce sumul, ya dinga juyi a gindin yatsa, rana ta uku ya sulale cikin miya gaban baƙi.

Kalilu ya aika masa cewa mai irin wannan yatsa ƙulli biyu ake yi masa, na gindi da na gaɓa, a zaɓi tsakaninsu, yadda zobe zai haye da ɗan turawa ya zauna ba ya yawo. Kuma shi dai sai ya gwada a yatsa mai rai.

Ran nan Ɗantala na ɗora buhu, Alhaji ya ƙura wa hannunsa ido, don shi ma tsohon ɗan dako ne. Aka kira Kalilu da zarensa, ya auna su biyun. Ƙulli ya faɗa kan ƙulli, sama da ƙasa.

"Daga yau ka bar dako," in ji Alhaji. "Kai ne yatsana a Jibiya."

Haka kuwa aka yi. Aka yanka masa albashi, aka hana shi ɗaukar ko buta da hannun. Aikinsa ya zauna a maƙera ya miƙa yatsa. In rana ta take, Kalilu ba ya awo don yatsa kan kumbura, sai Ɗantala ya tafi cin balangu. Matarsa Luba ta fara soya miya da man gyaɗa, yara suka yi takalma. Mutane suna yi masa tsiya, suna gaida yatsan kafin su gaida shi, bai damu ba.

Sai Alhaji ya tafi Makka, daga can ya zarce harkokinsa a Ikko, aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, albashi dai na zuwa. Wata safiya Kalilu ya zagaya wa Ɗantala zare, ya yi tsaki. Gindin yatsan ya ciko har ya binne gaɓar, ƙulli biyu sun koma ɗaya. Ya rataye zaren a ƙusa, ya ce in Alhaji ya gani, to.

Tsoro ya kama Ɗantala, don in yatsan nan ya tashi daga aiki, gidansa ya koma gidan jiya. Ya roƙi Kalilu ya ɗan ja zaren da ƙarfi, Kalilu ya ce zaren da aka ja ƙarya yake yi. Sai ya shiga horon kansa. Ya bar balangu, ya bar fura, ya koma dako kyauta a bayan kasuwa. Luba ta yi ta kuka, tana cewa an yi wa mijinta sammu. Wata da watanni, ga gaɓa ta sake fitowa ƙiri-ƙiri.

Saƙo ya iso cewa Alhaji na tafe, yana son babban zobe mai dutse. Kalilu ya ƙera a kan yatsan Ɗantala, ya zauna ɗas.

Ran da ya iso, da aka buɗe Marsandi, sai da mutum biyu suka taimaka wa Alhaji fitowa. Ya yi jibgege, yatsunsa kamar rogo. Zoben ko rabin yatsa bai kai ba. Kalilu ya dubi hannun, ya ciro tsohon zaren nan daga ƙusa, ya zagaya masa. Daidai wa daida, ko gashi ba ya shiga.

Alhaji ya dubi Ɗantala cikin takaici.

"Ina biyanka ka ci ka ƙoshi, mi ya kai ka rama?"

Kafin la'asar an ɗauki wani mahauci a madadinsa. Zoben kuwa Alhaji ya bar masa, tunda babu wanda zai yi wa. Ɗantala ya koma sauke buhuna a Magama da shi a hannu, kuma har ya tsufa bai taɓa yi masa kaɗan ba.