Sunaye Arba'in na Abdulbaƙi

Abdulbaƙi ɗan unguwar Soron Ɗinki ne a Kano, jikan Barebari, kuma ɗinkin hula ya gada. Amma tun da wani aboki ya nuna masa yadda ake sayen sunan shafin intanet da arha a sayar wa mai buƙata da tsada, hankalinsa ya koma can. Suna na farko da ya sayar wa wani mai atamfa a Ƙofar Wambai ya ninka masa kuɗinsa sau goma. Daga nan ya shiga tara sunaye har arba'in.

Sai dai suna haya ce ta shekara. In ba ka sabunta ba, ya kuɓuce. Shekara biyu ba wanda ya taya, ga dala na ta hawa.

Ana saura kwana huɗu wa'adin goma sha biyu daga ciki ya cika, saƙo ya shigo daga wani da ya ce yana Turai. Zai sayi sunan da ya danganci turaren wuta dala dubu uku, amma sai Abdulbaƙi ya kawo takardar ƙimar sunan daga wani shafi da shi mutumin ya zaɓa. Kuɗin takardar dala ɗari da hamsin, kusan duk abin da ya tanada don sabuntawa.

Matarsa Hasana ta ce, "Baban Jibrin, wa ya taɓa biyan kuɗi don a sayi kayansa?"

"Haka tsarinsu yake," ya ce, bai ɗago ba.

Ya roƙi mutumin a ajiye kuɗin cinikin wurin amintaccen kamfanin shiga tsakani. Amsa ta zo a taƙaice: takarda tukuna, ko shi ya nemi wani sunan a wani wuri. Abdulbaƙi ya yi sallar La'asar bai san me ya karanta ba. Ya dawo zaure ya tura kuɗin.

Takardar ta iso cikin minti biyar, ta yi wa sunan ƙimar dala dubu tara. Ya aika wa mai sayen. Shiru. Ya sake aikawa washegari, ya sake jibi. Ran Juma'a wa'adi ya cika, sai 'yan makonnin alfarma kafin kuɗin fanso sunayen ya ninninka.

Da ƙafa ya taka unguwar Sheshe wurin Hajiya Nana Khadija, mai turaren wuta da humra, ya yi mata tallan sunan nan na turaren wuta.

"Ni fa, Malam, a waya nake cinikina," ta ce. "Naira dubu sittin zan iya, don 'yata ta dame ni da zancen shafi."

Ya sallama. Da kuɗin ya sabunta nata ya miƙa mata, ya ceto biyu, tara suka tafi. Sauran yana sakinsu ɗaya bayan ɗaya in wa'adinsu ya zo. Yanzu shida yake riƙe da su, kuma ba ya sayen sabo sai ya san ƙofar wanda zai kai wa.