Haƙƙina a Kamfanin Auduga

Ina akawun awon auduga a wani kamfani aka sallame ni, alhali wa'adin kwantiragina bai cika ba. Manaja ya ce kasuwa ce ta faɗi, in tafi gida, za a neme ni da haƙƙina.

Na koma Kusfa na kasa gaya wa mai ɗakina, sai yayana na faɗa wa.

"Nawa ne haƙƙin?" ya tambaye ni.

"Bai faɗa ba, Yaya."

"To, sa shi ya rubuta."

A zaurenmu na rubuta wa manajan cikin ladabi. Na roƙe shi ya tabbatar mini a takarda cewa za a biya ni kwanakin da na yi aiki, da albashin wata guda a madadin notis kamar yadda kwantiragi ya ce, da kuɗin hutu da alawus ɗin keke. Na ajiye kwafi.

Amsa ta daɗe ba ta zo ba, har na rame. Da ta zo, sun amince, amma alawus ya tsaya ranar sallama, kuma sun cire ragowar bashin keken da suka ba ni. Abin da na karɓa bai ishe mu zuwa damina ba. Na sayar da keken, na koma taya Yaya ɗinki.