Muryar Yayana a Iyafis

Shekara shida ina sayar da iyafis na bulutut a kasuwar Faskari, kuma cika baki kam na iya. In mai saye ya ce nasa ba ya daɗi, sai in yi masa lacca: waya ba ta aika sauti yadda yake, matse shi take yi, iyafis ya warware. Hanyar matsewar ita ce kodek. SBC kowa na da shi, AAC da LDAC kuwa sai waya da iyafis duk suna da su, in ba haka ba su koma SBC. Gaskiya ce, amma rabinta na sani.

Da damina aka ɗauke yayana a hanyar Sabuwa. Bayan kwana tara aka kira wayar Inna, mahaifiyarmu. A lokacin 'yan damfara sun yi yawa, su ji an sace mutum su kira su ce yana hannunsu. Sai a gida aka tsayar da magana: Inna za ta saurari muryar, abin da ta ce shi ke nan.

Kunnenta ya ɗan yi nauyi. Na ɗauko iyafis mafi tsada a shagona na haɗa da tsohuwar wayarta.

"Inna, sa wanga. Ko numfashinai za ki ji."

Da suka sake kira suka ce ga shi a yi magana da shi, na danna rikodin. Ta saurara, ta cire, ta miƙo min.

"Wanga ba ɗana ba ne. Kamar mai magana cikin gwangwani."

Muka daina ɗaukar lambar. Sun kira kwana huɗu, suka bari.

Bayan wata biyu wani da ya kuɓuto daga dajin da aka tsare yayana ya zo ya yi mana ta'aziyya.

Wani mai gyaran waya a Ƙanƙara ne ya gaya min ɗaya rabin gaskiyar. Kodek ɗin da nake taƙama da su na sauraron waƙa da karatu ne. Da kira ya shigo, bulutut na sauka wata ƙuntatacciyar hanya, kuma tsohuwar waya irin ta Inna mafi ƙuncin take bi. Layi ya riga ya matse muryar, bulutut ya ƙara matsewa. Ga yunwar kwana tara. Wataƙila ko a kunnen wayar ba za ta gane shi ba. Na sha faɗa wa kaina haka, bai taɓa sanyaya min rai ba.

Rikodin ɗin a cikin waya aka ɗauke shi, bai bi ta bulutut ba. Ban so ta ji ba, ita ta matsa. Na sa mata iyafis ɗin nan dai, wannan karon ta hanyar da waƙa ke bi.

Ba ta kai ƙarshe ba ta dafe ƙasa.

"Shi ne. Yana ta kirana, ni kuwa na ce ba shi ba ne."

"Inna, laifina ne."

Ba ta ko dube ni ba. "Kai ka haife shi?"