Mabiyan da Na Soke

Ranar Alhamis ce, saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah, ƙarfe goma da kwata na safe. Ina zaune a rumfar ɗana na biyu, a kara, kasuwar dabbobin Maigatari, tare da shi da wani abokin dillancinsa mutumin Sule Tankarkar.

Ɗan nawa raguna yake sayarwa. Yana da shafi a intanet inda yake sa hotunansu, masu saye daga Kano har Legas su gani su yi magana. Shekara huɗu yana tara mabiya. Ya buɗe shafin a wayata domin in riƙa amsa saƙonni, ya kuma sa wata manhaja a tasa wayar, mai duba shafin kowace awa, ta yi ƙara in mabiya sun ragu da yawa ko an taɓa shafin.

A makarantar mishan aka koya mini cewa sunan da ba ya amsa kira ba ya zama a rajista. Haka na yi shekara talatin ina koyarwa a Gumel. Da na duba jerin mabiyan, na tarar da ɗaruruwa marasa hoto, waɗanda ba su taɓa cewa uffan ba. Tun bayan asuba nake cire su ɗaya bayan ɗaya, har a cikin motar da ta kawo ni kasuwa. Ban shawarci kowa ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya karanta, fuskarsa ta sauya.

"Baba, mabiya ɗari uku sun ɓace yau."

"Ɓarayin shafi ne," in ji abokin. "Haka suka yi wa wani a Gagarawa. Gobe za ka ga suna tallan gwal da sunanka."

Ɗana ya dube ni. "Ba ka ba wani wayarka ba ko?"

Na ce ban bayar ba. Gaskiya na faɗa. Na koma bayan rumfa, ina neman mayar da su. Ashe wanda aka cire ba ya dawowa sai da kansa. Sai na shiga bin waɗanda na iya tunawa da masu kama da su, da sauri, ko za su rama su bi shafin. Rubutu ya fito cewa in dakata. Ban dakata ba.

Ƙara ta biyu a wayarsa ta ce an taƙaita shafin. Kafin azahar ta uku ta zo: an dakatar da shi, domin abin ya yi kama da aikin na'ura. Raguna arba'in suna ɗaure a gabanmu, duk masu tambayar kuɗinsu kuwa suna cikin saƙonnin da ba sa buɗuwa.

Na tsaya a gabansa na faɗa masa komai. Ban taɓa jin tsoron ɗan cikina ba sai ranar. Sai ya ce:

"Baba, ai masu shirun nan su ne masu saye. Sau ɗaya suke magana a shekara."

Ya ɗaukaka ƙara wajen kamfanin shafin, ya aika hoton fuskarsa kamar yadda aka nema. An buɗe shafin kwana uku bayan Sallah. Raguna goma sha bakwai ba a sayar ba.