Jakar Ajiya a Layin Masu Turare

Ƙamshin turaren hawi a kan garwashi yakan mayar da ni ranar da na fara zaman kasuwa. Shekaruna goma sha huɗu, idon kakata ya fara rauni, aka ce in bi ta rumfarta ta turaren wuta.

Daga unguwar Gwange muka hau keke napep, domin an hana babura. A bakin ƙofar kasuwa 'yan gora, samarin sa-kai masu tsaro, suka tsayar da mu layi saboda tsoron bam, kowace mace ta ware hijabinta, a laluba ta, a leƙa kayanta. Ciki kuwa ba masaka tsinke, masu baro na ta neman hanya.

Kaka ta koya mini aikin a tsaye. A jera kwalaben humra a inuwa, rana tana kashe ƙamshi. A bar garwashi a kasko, mai saye sai ta ji hayaƙin kafin ta taya. In tayi bai kai ba a ce albarka, in ya kai a sallama, a ɗora gyara. Ba a kiran wanda ya tsaya a rumfar maƙwabci. Abu ɗaya ta manta ta faɗa mini: ba a karɓar ajiya.

Da ta tafi sallar azahar, wata mata mai tsohon ciki ta sayi kwalba guda, ta ce in riƙe mata jakarta ta je layin masu bandar kifi. A gidanmu ba a ƙin ajiya. Na tura jakar ƙarƙashin tebur, ina jin kaina 'yar kasuwa.

Mai tabarmi na kusa da mu ya gani. Ya sa takalmi ya wuce. Kafin Kaka ta dawo, layin ya zama wayam.

"Jakar nan ta wa ce?" in ji Kaka.

"Wata mai ciki."

"Kin san ta?"

Na girgiza kai. Ta tsura wa jakar ido. In aka kira 'yan gora, rumfar ta rufu ke nan, mu kuma a tafi da mu. In aka yi ihu, turmutsutsu kaɗai ya isa ya kashe mutane.

"Je ki bakin ƙofa ki saya mini goro," in ji ta. "Kada ki yi sauri."

Ga goro a bakin zanenta, na sani. Na tafi, ita ta zauna a gaban teburin tana fifita garwashi.

Da na dawo, matar na tsaye tana ba da haƙuri. Gero ne a jakar, da kayan jarirai.

Yanzu rumfar tawa ce. Hankali ya ɗan kwanta, mutane sun koma barin ajiya, 'yata na karɓa ba ta ko ɗaga kai. Ni dai da an ajiye jaka sai in aike ta sayen wani abu, in zauna.