Wata Tara Saura Mako Guda

Na daɗe ina aikin rigakafin yara a wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Kuyello, kuma duk wanda ya sanni ya san ba ni da haƙuri. Ɗaki biyu ne da rumfa, sai firjin sola da nake lallaɓawa kamar jariri. Ranar kasuwa ita ce ranar allura, domin a ranar ce kawai matan ƙauyukan bayan daji ke samun 'yan rakiya su fito. Iyayen yara suna kirana Malama a gabana, a bayan idona kuwa mai faɗa. Ban taɓa musantawa ba. Wanda ya yini yana maimaita magana ɗaya ga mata talatin, kowacce da goyo mai tsala ihu, in bai yi faɗa ba waliyyi ne.

Akwai wata matashiyar uwa da ban taɓa yi wa faɗa ba sai sau ɗaya. Haihuwarta ta fari ce, 'ya mace, an haife ta kwana uku bayan Babbar Sallah, damina ta kankama. Ƙauyensu yana can gefen daji, tafiyar rabin wuni in babu babur. Washegarin suna kakar jaririyar ta goyo ta ta kawo mini. Na yi mata ƙorafin da na saba, cewa allurar ciwon hanta an fi so a yi ta ranar haihuwa, tun cutar da ka iya fitowa daga jikin uwa ba ta kama ba. Tsohuwar ta ce a gidansu jariri ba ya ganin hanya sai an raɗa masa suna. Da yake ba a wuce mako biyu ba, na yi mata, na haɗa da ta tarin fuka a damtse da ɗigon shan inna a baki. Na rubuta ranar haihuwar a kati da lissafin boko, na miƙa mata.

"Ki gaya wa uwar, in ta yi arba'in ta ƙara kwana biyu, ta zo da kanta."

Wannan dabarar ni na ƙirƙiro wa kaina, kuma ina alfahari da ita. Mako shida kwana arba'in da biyu ne, kuma babu macen da ke mance ranar da ta gama wankan jego. Mai jegon ta zo a ranar kasuwar da ta biyo baya, da laka har gwiwa. 'Yar siririya ce, ba ta kai ashirin ba, ga son tambaya kamar alƙali. Me ya sa yau? Me ya sa ba a bari yarinya ta yi ƙwari ba? Na ce mata tarin shiƙa ba ya jiran yaro ya yi ƙwari, ƙananan ma ya fi kashewa, shi ya sa muke farawa da zarar jikin jariri ya iya karɓar allurar. Ta ce to me ya sa sai sau uku? Na ce ta farko gabatarwa ce, jiki ya ga abokin gaba. Ta biyu da ta uku su ke sa ya riƙe shi bai mance ba. Kuma dole a bar mako huɗu a tsakani, in an matso da su kusa jiki bai gama aikin ta farko ba, an yi asarar ta biyu. Ta gyaɗa kai ta ce, "Kamar zuba taki ne ke nan, Malama. Ba a haɗa na farko da na biyu." Na ce ita ce ta fi duk ɗaliban da na taɓa koyarwa.

Kasuwa huɗu ta ƙirga ta dawo a mako na goma. Ta sake ƙirga huɗu ta dawo a na sha huɗu, ranar da rafi ya cika har aka ɗauke ta a kafaɗa aka haye da ita. A wata na shida ta zo karɓar ɗigon bitamin. Katinta fes, a naɗe cikin leda, ba tabon manja, ba cizon ɓera. Nakan ɗaga shi in nuna wa sauran mata don su ji haushi.

A ranar ta wata shida na yi kuskurena, ko da yake ban gan shi ba sai daga baya. Layi ya yi tsawo, kaina yana ciwo. Na rubuta ranar dawowa a kati, da lambobin da ba ta iya karantawa, na ce, "Saura ta ƙyanda. Sai ta cika wata tara." Ban ce kasuwa nawa ba. Ita kuwa wata a wurinta shi ne wanda ake gani a sama. Ta koma gida ta ci gaba da ƙirga tsayuwarsa tun daga watan Babbar Sallah, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba.

Ta iso mini a tsakiyar watan azumi, ana zafin bazara irin wanda ke sa mutum ya tsani rigarsa. A ƙafa ta zo, bakinta a bushe, domin ta ƙi ajiye azumi duk da tana shayarwa. Ta kwance goyo tana murmushi.

"Malama, mun cika."

Na duba kati, na duba kalanda a bango. Watannin sama sun gaza na boko da kusan kwana ɗaya kowanne, a wata tara an tara mako guda cif.

"Ba ku cika ba. Saura kwana bakwai."

"Wallahi mun cika. Bayan layya da kwana uku na haife ta. Ƙirga ki gani."

Ta shiga lanƙwasa yatsu tana jero mini watanni, kuma ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Na ce ba da wannan watan muke aiki ba. Ta ce wata nawa ne Allah ya yi? Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya, ni kuma raina ya fara ɓaci.

Na yi mata bayani, kuma bayanin gaskiya ne, har yau ban janye shi ba. Jariri yana fitowa da kariyar ƙyanda daga jikin uwarsa, tana raguwa a hankali. In aka yi allurar wannan kariyar tana da ƙarfi, sai ta kashe allurar kafin jikin yaron ya koyi komai, a tafi gida ana ganin an yi, alhali ba a yi ba. In kuma aka daɗe, kariyar ta ƙare, yaro ya zauna a buɗe. Shi ya sa aka tsaida wata tara, aka kuma sa ta biyu a wata sha biyar saboda waɗanda ta farko ba ta kama su ba. Wadda aka yi kafin wata tara ba a lissafa ta, sai an sake. Ana yin ta da wuri ne kawai in an ba da umarni saboda ɓarkewar cuta, kuma a ranar babu wannan umarnin.

"To ki yi mata yau, in sake kawo ta," in ji ta. "Malama, hanyarmu ba kullum take ba. Jiya ma an ce an ga mutanen daji a wajen rafi."

"Kowa da hanyarsa. In na yi miki, gobe wata ta kawo mini ɗan wata bakwai. Kasuwa mai zuwa ki dawo."

"Kwana bakwai fa."

"Ko kwana ɗaya ne! Ni na rubuta dokar?"

Da ƙarfi na faɗa, har jaririyar ta firgita. Uwar ta miƙe. Ta naɗe katin cikin leda, ta goya 'yarta, ta ce a sha ruwa lafiya.

Kwalbar ƙyanda ta yara goma ce, kuma in an haɗa ta da ruwanta awa shida gare ta, daga nan sai zubarwa. A ranar yara shida na yi wa. Da la'asar na ɗauki kwalbar da sauran na mutum huɗu a ciki na jefar, kamar yadda doka ta ce. Wannan ma ban karya doka ba.

Kasuwa ta zagayo ba ta zo ba. Babu wanda ya zo daga wannan ɓangaren. 'Yan bindiga sun tare hanyar, daga baya muka ji mutanen ƙauyen sun watse, wasu sun yi cikin Birnin Gwari, wasu sun bi dangi. Na rubuta ta a jerin waɗanda ba su dawo ba, na aika saƙo ta bakin masu babur, na tambayi masu sayar da gawayi. Kowa ya ce bai sani ba. Ranakun nan duk wanda ya shigo asibitin ya sha masifata, har mai shara ta daina gaishe ni. Ina jin haushin hanya, ina jin haushin masu bindiga, ina jin haushin wanda ya zauna a ofis ya buga kati da watan da rabin matan ƙasar nan ba sa ƙirgawa. Na fi jin haushin bakina da ya iya cewa arba'in da kwana biyu amma ya kasa cewa kasuwa goma sha huɗu.

Ba zan ce ƙa'idar banza ce ba. Na san dalilinta, na ga amfaninta a yara da yawa. Amma na san kuma mako guda ba wani bango ba ne a jikin jariri, layi ne da dole a ja shi a wani wuri. Na tsaya a kan layin ina kallon kalanda, ita kuwa tana yi mini maganar rafi.

Sai da masara ta fara bunƙasa ta dawo. Ban gane ta ba da farko, ta rame. Ta ce a wani gida suka zauna a gari, iyali biyar, ɗaki uku. Ƙyanda ta shiga gidan ta bi yara. Kullum suna cewa gobe za su koma ƙauye, ita kuma tana ganin katin nan a wurina kawai yake aiki, shi ya sa ba ta kai ta wani asibiti ba. Wannan ma ban taɓa gaya mata ba, cewa ko'ina za a karɓe shi.

Ta kwance goyon. Yarinyar tana da rai, alhamdu lillahi, har tana miƙa hannu ga abin wuyana. Amma idonta na hagu ya yi fari fat, hakiya ta rufe ƙwayar. Na kaɗa yatsa ta wannan gefen, ba ta juyo ba.

Na yi mata duk abin da ya rage, ta ƙyandar, da ta shawara, da ta sanƙarau, na ɗiga mata bitamin, na rubuta takardar zuwa babban asibiti a duba idon, ina sane da abin da za su ce. Tun daga ranar ba na sallamar mace sai na ƙirga mata kasuwanni a yatsunta, na kuma ce in hanya ta rufe ta kai katin duk asibitin da ta samu. Ita ma na ƙirga mata na wata sha biyar, ta maimaita daidai.

Da na so ta zage ni. Ba ta yi ba. Abin da ke dawo mini shi ne yadda ta shigo a ranar da ta dawo: ta ciro katin daga leda, fes kamar kullum, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Malama, ki duba da naku watan," in ji ta. "Yanzu ta cika?"