Takardar da na rubuta wa Alhaji

Shekara goma sha ɗaya ina sarin kaya a wurin wani Alhaji a cikin birni: sukari, man gyaɗa, taliya, sabulu. In ɗauka, in kai shagona a ƙauyenmu da ke bayan Ungogo, in biya bayan sati biyu. Da baki muke komai.

Sai ɗansa ya gama karatu ya kawo tsarin oda ta waya. Ka zaɓi kaya a manhaja, ka tura kuɗin duka, sannan a loda maka mota. Ni da rawar jiki na shiga, don na huta da zirga-zirga. Ashe wuyata na miƙa! Masu sayayyata manoma ne, sai ranar kasuwa suke da kuɗi a hannu. Cikin wata guda kantocina suka yi fayau. Saura sati biyu salla, in kaya ba su zo ba, to rufe shagon zan yi.

Na kira ɗan a waya raina a ɓace. Ya ce, "Malam, ka rubuto takarda. Akwai wurin masu biya daga baya a manhajar, amma sai Baba ya sa hannu."

Na zauna na rubuta. Na roƙi a bar ni in biya rabi lokacin oda, ragowar bayan kwana bakwai, idan kasuwarmu ta ci. Na ba direban da ke kai kaya ya miƙa. Wallahi ko a raina ban kawo cewa babba ba a aika masa da roƙo a ambulan ba, zuwa ake yi a durƙusa.

Kwana huɗu babu amsa. A na biyar na hau mota na tafi.

Na tarar da Alhaji a ƙofar sito, takardata a kan gwiwarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Ni ka rubuto wa wasiƙa?" ya ce. "Ƙafarka ce ta karye?"

"Alhaji, cewa aka yi..."

"Na san abin da aka ce."

Ya karɓi biro ya sa hannu, ya miƙa wa ɗansa. Nan take yaron ya shigar a kwamfuta: rabi yanzu, rabi kwana bakwai. Na fara jero godiya, Alhaji ya ɗaga hannu.

"Da ka zo da bakinka, da ni zan riƙa ɗaga maka ƙafa yadda na saba. Yanzu kwana bakwai ne cif. Rana ta takwas na'ura za ta rufe odarka da kanta, kada ka neme ni."

Kaya sun iso kafin salla, shago bai rufe ba. Amma ranar da na baro wurin Alhaji, cike da kunya da takaici na hau motar komawa. Tun daga ranar ban taɓa kai kwana takwas ba, ko da zan sayar da akuya.